Inda Ɗigon Ya Faɗa da Inda Za a Gina Sito

"Maigida, an ce in fitar da tsakiyar nauyi don sabuwar cibiyar rarraba kaya. Yaya ake yi, kuma duk inda lissafi ya nuna, nan za a gina?"

To ɗana, jawo taswira kusa. Ka ja mata layuka a tsaye da a kwance kamar takardar lissafi, kowane gida kilomita ɗaya, yadda kowane wurin da ake kai wa kaya zai samu lamba biyu: x ta gabas, y ta arewa. Sai ka rubuta tan nawa yake karɓa a wata, shi ne w. A ce wurare uku ne. Na farko yana (10, 20) da tan 600, na biyu (90, 30) da tan 300, na uku (40, 80) da tan 100.

```
Cx = Σ(x·w) / Σw
Cy = Σ(y·w) / Σw
```

Wato ka ninka kowace lamba da nauyin kayanta, ka tara, ka raba da jimillar kaya, tan 1,000. Ta gabas 6,000 da 27,000 da 4,000 sun ba da 37,000, ka samu 37. Ta arewa kuma 29, wato tsakiyar nauyi tana kan ɗigon (37, 29). Ka ga ɗigon ya karkata wajen mai tan 600, kamar sikeli ya rinjaya.

Amma kada ka yi gaggawar kai wa masu kuɗi wannan amsa. Ɗauki ma'auni ka gwada. Daga (37, 29), in ka ninka nisan kowane wuri da kayansa ka tara, za ka samu kusan 38,100, shi ne ma'aunin tsadar jigila. Yanzu ɗora siton a kan wuri na farko shi kansa: kusan 30,900 kacal. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba! Dalili shi ne lissafin tsakiyar nauyi nisan da aka ninka da kansa yake ragewa, shi ya sa wuri mai nisa yake jan ɗigon fiye da ƙimarsa. Ka riƙe wannan da kyau: duk lokacin da wuri ɗaya ya kwashe rabin kayan ko fiye, nan ne mafi arahar jigila.

Sannan lissafin ya ɗauka mota a miƙe take tafiya kamar tsuntsu. Bai san kogi ba, bai san gada ko dutse ba, balle kuɗin fili. Ni na taɓa mantawa da kayan da ke shigowa daga masana'anta, na lissafa masu fita kaɗai, ɗigon ya kauce sosai. Ka saka masana'antar a matsayin wuri na huɗu da nata nauyin, in kuma kuɗin dakon tirela ya bambanta da na ƙananan motoci, ka ninka kowane nauyi da kuɗinsa.

Shi ɗigon, unguwa kawai yake nuna maka. Zagaye shi, ka zaɓi filaye uku ko huɗu a bakin babban titi, ka sake lissafin kowanne da ainihin kilomitar hanya, sannan ka kawo mini mu duba tare.