Sauya kamfanin inshorar lafiya ba tare da watannin jira sun tafi a banza ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar hatsi a kasuwar Gujungu. Na yi wa kaina da iyalina inshorar lafiya a wani kamfani tun 1 ga Maris, yau wata goma ke nan. Sun ce sai an cika wata 12 kafin su biya kuɗin tiyata ko haihuwa. Yanzu asibitin da ke kusa da mu ya daina karɓar katinsu, ina so in koma wani kamfanin. Shin watannin da na jira za su bi ni, ko sabon lissafi za a fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Watannin za su bi ka ne kawai idan sabon kamfanin ya amince kuma ya rubuta amincewar a takardar yarjejeniyarku. Akwai ƙasashen da hukuma ta mayar da wannan haƙƙin mai inshora, kamar Indiya, inda aka fara aiki da tsarin tun 2011. Kai kuwa ka ɗauke shi a matsayin sharaɗin ciniki da za ka nema da bakinka kafin ka biya ko sisi, domin ranar da aka kwantar da mara lafiya, abin da ke rubuce shi kaɗai ma'aikacin kamfani zai duba.

Dalilin sanya lokacin jira shi ne kada mutum ya sayi inshora yau don ya san gobe za a yi masa aiki. Wanda ya riga ya yi shekara yana biya a wani kamfani ya nuna ba haka ya zo ba, kuma wannan ce hujjarka a wurin ciniki. Amma hujjar tana tsayawa ne muddin inshorar ba ta yanke ba. Shi ya sa shawarata ta farko ita ce kada ka tashi yanzu. Saura wata biyu ka cika 12 a ƙarshen Fabrairu, kuma kuɗin waɗannan watannin ka riga ka biya. Idan ka fita yau, ko an karɓi lissafinka wata goma ne a hannunka, da sauran jira, ga kuma wahalar neman a mayar maka da ragowar kuɗi. Idan ka bari shekarar ta cika, za ka je musu a matsayin wanda ya gama jiransa. Waɗannan wata biyun su ne lokacin shirya takardu.

Ka fara da tsohon kamfanin. Ka nemi wasiƙa a kan takardarsu mai tambari, wadda ta nuna ranar da inshorar ta fara da ranar da za ta ƙare, sunan kowane mutum da ke ciki da ranar da aka shigar da shi, irin tsarin da ka saya da iyakar kuɗin kowane fanni, da kuma bayanin cewa ba a bin ka bashi. Wasu kamfanonin za su so ganin jerin magungunan da aka biya maka a shekarar. Ka haɗa da rasitan biyanka. Ka duba rubutun sunaye da ranakun haihuwa su dace da na katin NIN, domin idan an rubuta Hauwa a nan, Hauwa'u a can, da shekarar haihuwa daban, sabon kamfani na iya cewa ba mutum ɗaya ba ne.

Da waɗannan takardu za ka je wa sabon kamfanin, aƙalla wata guda kafin ƙarshen Fabrairu. Abin da kake nema su rubuta shi ne: an ɗauke wa wane da wance lokacin jira na tiyata da na haihuwa saboda watannin da suka yi a kamfanin baya, kuma inshorar za ta fara aiki 1 ga Maris. Wannan ranar tana da nauyi ƙwarai. Idan tsohuwar ta ƙare a ƙarshen Fabrairu, sabuwar ta fara 20 ga Maris don kana jiran kuɗin riɗi su shigo, an samu giɓi, kuma giɓi shi ne dalilin da ya fi sauƙi a ce maka a koma farko. Maganar wakili ta baki ko saƙon murya a waya ba ta wadatar ba, ko da ɗan garinku ne kuma mutumin kirki, tunda ba shi ne zai sa hannu a biya asibiti ba.

Ko an amince, akwai iyaka, kuma a nan ne mutane suka fi shan mamaki. Yawanci ana ɗauke jiran ne a kan abin da tsohuwar inshorar ta ƙunsa, kuma zuwa iyakar kuɗinta. A ce iyakar tiyata a tsohon tsarinka naira 300,000 ce, sabon kuma 500,000. Idan aka yi maka aikin gwaiwa a watan Mayu, kuɗin ya kama 420,000, kamfanin na iya biyan 300,000 kawai, kai ka cika 120,000, saboda ƙarin 200,000 ɗin sabon abu ne da bai gama nasa jiran ba. Haka kuma idan sabon kamfanin wata 18 yake sa wa wannan aikin, wata 12 ɗinka za a cire, saura shida. Abin da babu shi sam a tsohon tsarin, kamar aikin haƙori ko tabarau, daga farko zai fara. Ka sa a rubuta maka kowane fanni da lissafinsa.

Lissafin kuma na kowane mutum ne shi kaɗai. Idan ka shigar da amarya ko ɗan riƙo a farkon Satumba, zuwa ƙarshen Fabrairu wata shida ke gare su, ko da kai maigida ka cika shekara. In akwai mai juna biyu a gidan, ka faɗa tun wurin cike fom, ka nemi a rubuta ƙarara cewa wannan cikin yana ciki, domin tsare-tsare da yawa ba sa ɗaukar cikin da aka shigo da shi. In sun ƙi, lissafi na iya nuna gara ka sabunta da tsohon kamfanin, inda jiran haihuwa ya riga ya ƙare ga wadda ta cika shekara, ka nemi su sauya maka zuwa wani asibitin da ke jerinsu, ko da ya fi nisa, sai bayan suna a sake duba maganar ƙaura.

Haka batun ciwon da ake da shi, kamar hawan jini ko ciwon suga. Kada ka ɓoye don gudun ƙarin kuɗi. Fayil ɗinka na asibiti zai nuna ranar da aka fara ba ka magani, kuma ɓoyewa na ba kamfani damar ƙin biya ko soke yarjejeniyar gaba ɗaya. Idan an gano ciwon ne kana cikin tsohuwar inshorar, ka kawo shaidar hakan, ka nemi a ci gaba da maganin ba tare da sabon jira ba.

Kafin ka biya, ka je asibitin da kake so da ƙafarka, ka tambayi teburin masu inshora ko suna karɓar katin sabon kamfanin a yanzu, tunda jerin da ke hannun wakili kan tsufa. Bayan katin ya fito, ka kira lambar da ke jikinsa ka ce a duba maka a kwamfuta ko tiyata da haihuwa a buɗe suke ga kowane suna. Sau da yawa wasiƙa tana hannunka amma ba a shigar da ita ba, sai ranar da asibiti ya nemi lambar izini a ce kana cikin jira. Idan hakan ta faru kuma suka ƙi gyarawa, ka kai ƙara da kwafin wasiƙar: hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ce ke kula da kamfanonin HMO masu gudanar da inshorar lafiya, hukumar NAICOM kuma ke kula da kamfanonin inshora na gama-gari. Ainihin takardun su zauna a gida, kwafi za ka riƙa bayarwa.