Ƙarfen taga ya ratsa fuskar amarya

Oga barka da aiki. Na ɗauki amarya tana leƙowa ta taga, ƙarafan boglari biyu sun shiga hoton, ɗaya ta kumatu ɗaya ta kan gyale. Na sa musu Gaussian Blur a Photoshop sai wurin ya koma kamar an shafa gawayi. Ya zan yi?

Kai ƙanena, ai Blur ba ya cire ƙarfe, baza shi kawai yake, baƙin ya bi ya shafi fata, shi ne gawayin da ka gani. Koma kan asalin hoton.

Buɗe sabuwar leya da Ctrl+Shift+N, ka danna S ka ɗau Clone Stamp, a sama ka mai da Sample zuwa Current & Below don kar ka taɓa asalin. Buroshi ya ɗan fi ƙarfen faɗi kaɗan, Hardness kamar 20% zuwa 30%. Riƙe Alt ka ɗebo fata daga gefen ƙarfen, kusa-kusa, inda hasken yake daidai da na wurin da za ka rufe, don in ka ɗebo daga goshi ka liƙa a kumatu sai ka ga tabo kamar kyasbi. Kuma kar ka ja buroshi tun daga sama har ƙasa a jan guda, ɗan dangwala, sake Alt, ɗan dangwala, rabi daga hagu rabi daga dama su haɗu a tsakiya.

Gyalen ya fi wahala in mai zane ne. Inda layi ya shige bayan ƙarfe, kan layin za ka ɗora Alt, ka daidaita shi da inda ya ɓullo a ɗaya gefen kafin ka danna. In ka rage girman hoton ka hangi fure ɗaya ya fito sau uku a jere to kwafin ya tona kansa, goge ka sake.

Blur bango ake yi wa, bayan ƙarfen ya tafi. Ware amaryar da Layer Mask, ka sa wa ɗakin da ke bayanta Gaussian Blur ɗan kaɗan, sai ya haɗiye sawun aikin. Fuska kam kar ka kuskura, ta koma roba.

Ka yi sa'a ma ba ido ƙarfen ya rufe ba, wannan sai dai ka ɗauko idon daga wani hoton da ka ɗauka a wurin. Ni na taɓa juya ido ɗaya na liƙa a ɗaya gefen, uwar amarya tana gani ta ce wannan ba 'yarta ba ce.

Gobe in waya ce siririya irin ta keji ko gidan zu, manna lens ɗinka jikin wayar, buɗe f/2.8, ka ja zum zuwa 200mm, wanda kake ɗauka ya yi nesa da wayar, sai ta narke da kanta. Ɗan hazon da ya rage, Curves ke gyara shi ba Clone Stamp ba.