Mai bugun ƙasa ya faɗa mini sirrina, ta yaya ya sani?

Tambaya: Malam salamu alaikum, ni ƴar Zango ce nan Damagaram. Ƙawata ta kai ni wajen wani mai bugun ƙasa, bai taɓa ganina ba amma ya ce ina da haƙuri sai dai in aka ƙure ni ba kyau, ya ce akwai wata ta jikina da ke mini dariya a fuska amma tana baƙin ciki da ni, kuma akwai wani nawa da ke nesa da nake yawan tunaninsa. Wallahi duk haka ne, mijina yana Libiya. Yanzu ya ce in kawo jika talatin a yi aiki. Ta yaya ya sani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Kafin komai don Allah ki riƙe kuɗinki tukuna. Ni malamin ilimin halayyar ɗan Adam ne, kuma wannan abin da ya same ki an daɗe ana nazarinsa, ba wauta ba ce ta sa kika yarda, haka ƙwaƙwalwar kowa ke aiki har da masu digiri.

A 1948 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 tambayoyi suka amsa, ya ce zai fitar wa kowa bayanin halinsa. Da ya raba musu takardun sai ya ce kowa ya ba da maki daga 0 zuwa 5 kan yadda bayanin ya dace da shi, da aka haɗa aka raba maki ya kai wajen 4.3. To ashe takarda iri ɗaya ce ya ba su duka, jimloli 13 waɗanda galibinsu ya tsinto daga wani littafin taurari da ya saya a wurin masu sayar da jarida. A ciki akwai irin su kana so mutane su so ka su yaba maka, wani lokaci kai mai sakin jiki da jama'a ne wani lokaci kuma ka kan ja baya ka yi shiru. Daga baya a 1956 Paul Meehl ya yaɗa sunan da ake kiran abin da shi yanzu, tasirin Barnum, daga sunan P. T. Barnum wani shahararren mai shirya wasannin nishaɗi. Wato magana ce mai faɗi kamar babbar riga, kowa ya saka sai ya ga kamar shi aka auna.

Yanzu ki duba maganar haƙurin nan. Fuska biyu gare ta, in ke mai sanyi ce rabin farko ya kama ki, in mai zafi ce rabin ƙarshe ya kama ki, babu ta inda za ta faɗi ƙasa. Kuma yabo ne, mutum ba ya cika musun magana mai daɗi a kansa. Na nesa kuwa, a garin nan ki ƙirga gidajen layinku kawai, wanda ba shi da ɗa a Agadez yana da miji a Libiya ko Aljeriya, ko ƙane a Kano ko ɗiya da aka kai aure Maradi ko Yamai. Ki tuna da kyau, shi ne ya ce Libiya ko ke kika ce? Bisa yadda kika rubuto, shi nesa kawai ya ce.

A nan dabara ta biyu ke shigowa, wadda Turawa ke ce wa kold ridin, wato karanta mutumin da ba ka sani ba daga jikinsa da bakinsa. Tun kafin ki zauna ya ga shekarunki, ya ga zanen da kika ɗaura da irin wayar hannunki, ya ga ramar ido. Sai ya jefa tambaya cikin rigar magana yana kallon fuskarki. Na taɓa raka wata ƴar'uwata wajen wani, na zauna gefe ina saurare. Ya share rairayi ya diddiga da yatsa ya ce ina ganin tafiya, ta yi shiru, sai ya ce ko kuwa kuɗi ne suka yi tafiya? Nan take ta ɗago kai ta ce eh bashi ne na ba wani, ya ce namiji ko, ta ce a'a mace, bai ko girgiza ba ya ce to ai akwai namiji a bayanta shi ke zuga ta. Can bayan ɗan lokaci ya sake zana ƙasa ya ce ga ta nan, mace ce ta riƙe miki haƙƙi. Da muka fito cewa take wallahi yaya har bashin ya gani, ta manta sam ita ta faɗa, ta manta tafiyar da namijin da ya kuskure. Haka muke, wadda ta dace mu riƙe, goma da suka sha ƙasa su bi iska. Hadisi ma ya zo da cewa bokaye suna cakuɗa gaskiya ɗaya da ƙarya ɗari.

Wasu masu duban su kansu sun yarda da abin da suke yi. Ray Hyman yana saurayi duban tafin hannu yake yi kuma ya yi imani da shi, sai wani ya ba shi shawara ya gwada faɗa wa mutane kishiyar abin da layukan suka nuna, ya yi, mutane suka ci gaba da cewa ya faɗi daidai. Wannan ne ya kai shi karatun halayyar ɗan Adam har ya zama farfesa a jami'ar Oregon.

Gwajin da nake so ki yi ba ya cin ko dala. Ki rubuta maganganun nan uku yadda ya faɗe su, kar ki ƙara naki fassarar, ki karanta wa mata biyar ko shida ɗaya bayan ɗaya, ko wajen biki ko a Kasuwar Dole, ki ce ke wannan ya yi kama da ke? In yawancinsu suka ce eh to ba sirrinki aka faɗa ba. Kuma duk inda kika sake haɗuwa da irin wannan, ko mai wuri ne ko masu taurari na Fesbuk da Tiktok ko mai kiran waya ya ce ya yi mafarki da ke, ki kame bakinki da fuskarki, in ya ce ko ba haka ba ki ce kai za ka faɗa mini. Ki nemi maganar da za ta iya zama kuskure, wace ƙasa, wane gari, sunansa wa, sannan ki ƙirga kuskuren tare da dacen. Za ki ga ya koma cewa ƙasa ta rufe yau, ko zuciyarki ba ta natsu ba. In kuma ya faɗi takamaiman suna ko wuri, ki tambayi kanki wa ya riga ki zuwa wajensa, ba lallai da mugun nufi ba, ƙawa na iya cewa zan kawo miki wata mijinta na waje ta ba da rabin labari ba ta sani ba.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta mai baƙin cikin nan. Bai ambaci suna ba, amma na tabbata yana rufe baki wata fuska ta faɗo miki a rai, ƙila facala, ƙila dangin miji, ƙila ma ƴar uwarki ciki ɗaya. Ke kika zaɓo ta, shi bai san da ita ba. Daga ranar kuma in ta yi gaisuwa a gajarce sai ki ce ga shi nan, in ta yi fara'a ki ce ai dama an ce tana dariya a fuska, babu abin da za ta yi ta fita. Na ga zumunci ya tsinke a kan wannan. Kuma ki lura wannan maganar ce kaɗai cikin ukun da ke buƙatar "aiki", ita aka ɗora wa jika talatin ɗin, in kika biya sau da yawa sai a ce an gano asirin ya yi ƙarfi sai an ƙara da rago. Kar ki koma, kuma matar da kike zargi ki ci gaba da gaishe ta yadda kika saba kafin ranar.