Yadda ake fitar da K, τ da θ daga gwajin mataki

Tambaya: Na ƙara buɗe bawul ɗin tururi daga 40% zuwa 50%, zafin tanki ya tashi daga 60°C ya tsaya a 80°C. Yaya zan fitar da FOPDT, wato samfurin lissafin tankin da ya ƙunshi K, τ da θ?

Amsa: K shi ne canjin zafi a raba da canjin bawul, τ ma'aunin lokacin da zafin ke ɗauka yana hawa, θ kuma jinkirin da ke tsakanin taɓa bawul da fara hawan zafin. K = 20/10 = 2°C a kowane 1%. Sai ka duba lokacin da zafin ya ci 28.3% da 63.2% na tashinsa, wato 65.7°C da 72.6°C, kana ƙirgawa daga sa'ar da ka taɓa bawul. A ce minti 4 da minti 8 ne:

```
τ = 1.5(8 − 4) = 6
θ = 8 − 6 = 2
```

Amma fa ka tabbata zafin ya daina hawa kafin ka rufe gwajin. In ka yi gaggawa, K da τ duk za su fito ƙasa da gaskiyarsu. Na'urar sarrafawa kuma ta kasance a MANUAL.