Targaɗe ko karaya: amsa kan kumburin idon sawu

"Ɗana mai shekara 14 ya gurɗe ƙafa a wajen ƙwallo, yau kwana 6. Yana ɗingisawa, amma kumburin ya ƙi sacewa. Targaɗe ne ko karaya?"

Assalamu alaikum Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ɗingisawar nan ta kwantar miki da hankali, domin siririn ƙashin da ke gefen waje na ƙwauri ba shi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin jiki ba, saboda haka yana iya tsagewa mutum kuma ya ci gaba da takawa.

Ki zaunar da shi, ki sa yatsa ɗaya ki danna a hankali. Idan zafin yana cikin taushin naman da ke gaba da ƙasan idon sawu, ya fi kama da targaɗe, wato jijiyar da ke riƙe gaɓar ce ta miƙe ko ta ɗan yage. Amma idan kin bi bayan ƙashin idon sawun, daga tsininsa zuwa sama kamar santimita 6, ciki da waje, ya zabura ya janye ƙafar, to ƙashi ake zargi. Haka nan ki danna ɗan tudun da ke tsakiyar gefen ƙafa, a layin ƙaramin yatsa, domin wurin yana yawan ɓallewa idan ƙafa ta gurɗe. Ki kuma tambaye shi ko ya iya taku 4 a lokacin da abin ya faru; idan bai iya ba, nan ma ƙashi ake zargi.

Kumburin targaɗe yakan kai maƙura cikin kwana 2, sannan ya fara sauka idan an huta, an ɗaga ƙafar a kan matashi, ana ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20. Wanda ya kwana 6 bai ragu ba yana nuna akwai abin da ke ci gaba da fama ciwon, kuma yana iya yiwuwa ƙashi ne da ke motsi a duk taku. Ga yaro mai shekarunsa abin ya fi damuna, saboda wurin da ƙashi ke tsawo yana dab da idon sawu, kuma ya fi jijiya rauni. Idan ya goce ya haɗe a karkace, gyaransa ya fi wuya.

Shawarata, ki kai shi asibiti gobe a yi masa hoton ƙashi, kuma kafin nan kada a murza, kada a ja, kada a yi ɗori, domin hannu ba ya ganin tsagewa. Idan kuwa yatsunsa sun yi sanyi, sun canza launi ko ya daina jin su, ki sassauta bandeji nan take idan an naɗa masa, ku tafi yau ɗin nan.