Auna girman wata: sai da madubin hangen nesa?

Tambaya: Ina koyarwa a wata koleji a Maradi. Ina so ɗalibaina su auna girman wata da kansu. Na ga madubin hangen nesa a kasuwa, amma da tsada. In saya?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. Madubin zai nuna wa yara ramukan da ke jikin wata, abin sha'awa ne ƙwarai, amma ba shi zai yi maka awo ba. Abin da za ka saya shi ne mitar awo ta magina da katako miƙaƙƙe mai tsawon mita 3. Sauran yana aljihunka: ƙwandalar dala ashirin, wadda faɗinta santimita 2.6 ne.

Ku fita daren sha huɗu ga wata. A jingina katakon a kan katanga yana fuskantar wata, ɗalibi ya rufe ido ɗaya, ya kafa ɗayan a gindin katakon. Wani kuma ya riƙa zame ƙwandalar a tsaye bisa katakon, yana nesanta ta, har ta rufe wata cif, ba ragi ba ƙari. Sai a sa alama, a auna daga ido zuwa wurin.

Dalilin shi ne, a daidai nan ƙwandala da wata sun cika kusurwa ɗaya a ido, wajen rabin digiri. Don haka yadda faɗin ƙwandala yake ga nisanta, haka faɗin wata yake ga nisansa. Matsakaicin nisan wata kilomita 384,400 ne. A ce awo ya ba ku santimita 290. Ku ninka 384,400 sau 2.6, ku raba da 290, za ku samu kimanin kilomita 3,446. Ainihin faɗin wata kilomita 3,474 ne, ka ga kun kusa sosai.

Inda ake samun matsala shi ne gefen wata. Idan hazo ya sauko lokacin hunturu, gefen yakan dushe, yaro ya rasa inda hasken ya tsaya, don haka ku zaɓi dare garau. Kuma a yi da hanzari, domin cikin minti biyu wata yana gusawa kimanin faɗin kansa. Ɗalibai biyar ko shida su gwada, a ɗauki matsakaici. In amsarku ta kauce da kilomita ɗari ko ɗari biyu, kada ka ɗora wa yaran laifi, nisan wata kansa yana sauyawa cikin kowane wata.

Ina roƙonka, kada a gwada ƙwandalar nan da rana, ko da madubi ko da tabarau baƙi, domin ido na iya lalacewa har abada. Ita rana, a huda kwali da allura, haskenta ya faɗa kan farar takarda a nisan mita 2. Da'irar da za ta fito faɗinta wajen santimita 1.9 ne, sai ku yi wancan lissafin da nisan kilomita miliyan 150.