Safar "firi sayiz" da mai ƙafa 46: yadda za ka yi sari ba a dawo maka da kaya ba

Tambaya daga wani mai shagon takalma a Jega, jihar Kebbi:

"Assalamu alaikum Malam. Na saro safa dozin 30 a Kano, dozin ₦7,200, ina sayar da ƙafa biyu ₦1,000. Dilan ya ce mini firi sayiz ce, tana shiga kowa. Amma masu sa takalmi 45 da 46 suna dawo mini da ita, wai ta matse su ko ta ɓule. An cuce ni ne, ko yaya zan yi a sari na gaba?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Ban ga alamar cuta a nan ba. Da safar ruɓaɓɓa ce, da masu 41 da 42 ma sun dawo da ita. Abin da ya faru shi ne "kowa" ɗin da dila yake nufi yana da iyaka. Masaƙa tana saƙa irin wannan safa a kan matsakaiciyar ƙafa, ta bar wa roba sauran aikin, kuma yawancin ta maza da ke shigowa daga Sin takan tsaya ne a wajajen 43 ko 44.

Lambar takalmin da muka saba da ita a kasuwanninmu, wato 40, 41, 42, lissafin Turai ne, kuma tsakanin kowace lamba da mai bi mata akwai kashi biyu cikin uku na santimita. Lamba uku ke nan suke ba da santimita 2. Mai sa 40 tsawon ƙafarsa kusan santimita 25 ne da ɗan ɗoriya, mai sa 46 kuma yana wajen 29 da rabi. Santimita huɗu a ido ba wani abu ba ne, amma a jikin safa yana da yawa, domin ƙafa ba ta tsawo kaɗai take ƙaruwa ba. Mai 46 tafin ƙafarsa ya fi faɗi, idon sawunsa ya fi kauri, sau da yawa ƙwaurinsa ma haka. Shi kuwa saƙi, in ka ja shi ta faɗi sai ya gajarce ta tsawo. Gwada da hannunka ka gani: zura hannu biyu cikin safar ka buɗa ta, za ka ga bakin yatsun yana matsowa baya. To babbar ƙafa tana jan safar ta ɓangare biyu a lokaci guda, zaren da zai ba da tsawo kuma faɗi ya riga ya cinye shi.

Daga nan duk ƙorafin da kake ji yake fitowa. Gurbin diddigen da aka saƙa a jikin safar ba ya kaiwa inda ya kamata, sai ya tsaya a ƙarƙashin tafin ƙafa, mutum yana tafiya safar tana zamewa cikin takalmi. Zaren da ke kan babban yatsa yana miƙe iya miƙewarsa, farce na gogarsa daga ciki, takalmi na gogarsa daga waje, sai ya ɓule da wuri. Bakin safar kuma yakan sauko ƙasa ya shata wa mutum zobe a ƙwauri. Idan an dawo maka da wata, duba ta da kyau. In ɓulin yana kan babban yatsa ko bayan diddige, saƙin wurin ya yi shara-shara kana hango haske ta cikinsa, ƙanƙanta ce. In kuwa ɗinkin bakin yatsun ne ya warware, ko zare ya zare a tsakiyar jiki inda babu gogayya, wannan aibin masaƙa ne, shi za ka iya kai wa dila ƙorafi a kai.

Sai rubutun kwali, wanda nan ne 'yan kasuwa da yawa suke faɗawa. Idan ka ga 39-42 ko 43-46, lambar takalmin da ka sani ce, kuma safa mai kyau haka ake raba ta, lamba huɗu-huɗu: 35-38, 39-42, 43-46, sai 47-50 ta manyan ƙafa sosai. Idan ka ga 25-27, musamman in an bi shi da cm, tsawon ƙafa ne a santimita, wannan kuwa ba ta wuce mai 42 ko 43 ba. Idan an rubuta UK 6-11, lambar takalmin Ingila ce, 11 ɗin tana wajen 45 zuwa 46 a tamu. Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce 10-13 ta 'yan Amurka. Wannan ba lambar takalmi ba ce sam, awon safar ne, kusan tsawon ƙafa a inci, kuma an yi ta ne don takalmin maza na Amurka daga wajen 6 zuwa 12. Wanda ya ga 13 ya ɗauka ta ƙaton ƙafa ce, ya saro matsakaiciya bai sani ba.

Ni dai duk kwalin da ya haɗa lamba bakwai ko takwas wuri guda, kamar 39-46, ba na yarda da lambobin ƙarshensa sai na gwada. Safar za ta shiga mai 46, wannan gaskiya ne, amma daɗewa a ƙafarsa shi ne abin tambaya.

Saboda haka kada ka sake shiga Kantin Kwari ko duk inda kake sari ba tare da tef ɗin tela a aljihunka ba. Ka sa a buɗe maka ƙafa ɗaya daga cikin dozin. Shimfiɗa ta a kan tebur, ka auna daga ƙarshen diddige zuwa bakin yatsu, sannan ka ja ta a hankali har ta tsaya, ka sake aunawa. Idan sai da ka ja ta iya ƙarfinta kafin ta taɓa santimita 30, ba ta mai 46 ba ce, domin ka tuna faɗin ƙafa zai ci wani abu daga tsawon nan. Abin da kake nema shi ne wadda za ta kai 30 cikin sauƙi, da sauran ja a jikinta, saƙin bai buɗe ba. Ka gwada bakinta ma: zura hannu ka buɗa, ka saki, ka ga ko ya koma yadda yake nan take. Abin da ya fi duk wannan sauƙi shi ne ka riƙe ƙafa ɗaya ta wadda kake da ita yanzu, tunda ka riga ka san ta gaza, ka ɗora sabuwar a kanta. In tsawonsu ɗaya, ko me aka rubuta a kwali, kayan jiya ne aka canza wa takarda.

Ka dubi haɗin zaren in an rubuta. Mai auduga da yawa ta fi daɗi a zafin Kebbi, tana shan gumi, sai dai takan ɗan tsuke bayan wankin farko, don haka wadda ta zauna cif-cif ranar saye za ta matse bayan wanki. Mai zaren roba da yawa ta fi ja, amma tana tara zafi da wari a cikin but. Akwai kuma doguwar safa marar gurbin diddige, miƙaƙƙiya kamar buhu, irin wadda wasu 'yan ƙwallo ke sawa. Ita ce ta fi kusa da shiga kowa da gaske, illa dai a babbar ƙafa tsawonta na ƙwauri yakan ragu.

Yanzu ga lissafin kuɗinka. Ƙafa biyu ta tsaya maka ₦600, ribarka ₦400 kafin a cire kuɗin mota. Duk wadda aka dawo da ita a ɓule ka mayar da kuɗi, ka yi asarar ₦600, wato ribar ɗaya da rabi ta tafi. Wannan ma ƙaramar asara ce idan aka kwatanta da mutumin da kansa, domin mai ƙafa 46 yana shan wahala kafin ya samu takalmin da zai shige shi, kuma a shagonka takalmi ne babban ciniki.

Jarin da ka sa ₦216,000 ne. Mu ƙaddara babbar safa, 43-46 ta gaske, za ta zo maka a ₦10,800 dozin. Misali ne na kawo, kai za ka ji farashin ranar. Ka ɗauki dozin 25 na wadda ka saba, ₦180,000, da dozin 3 na babbar, ₦32,400. Jimla ₦212,400, da ragowar ₦3,600 a hannunka. Babbar ta tsaya maka ₦900, ka sa ta ₦1,500. In komai ya ƙare, ƙananan 300 sun ba ka ₦120,000, manyan 36 sun ba ka ₦21,600, ribar duka ₦141,600. Da ka zuba kuɗin gaba ɗaya a firi sayiz, lissafin takarda zai ce ₦144,000. Ka ga ke nan babbar safa ba wata riba ta musamman za ta ƙara maka ba, kada wani ya ruɗe ka. Bambancin ₦2,400 ne, kuma safa uku kacal aka dawo maka da su a ɓule sun cinye shi, domin kowace za ta rage ₦1,000 daga lissafin takardar. Amfaninta shi ne ta toshe wannan ɓarakar.

Dalilin da ya sa na ce dozin 3 ban ce 10 ba, masu irin wannan ƙafa ba su da yawa, kuma safa ba ta son dogon kwantai. Robar jikinta tana mutuwa da zafi, musamman wadda aka rataye a bakin shago rana na dukanta. Kai ma kana da abin da mai tebur ɗin safa ba shi da shi, wato ka san lambobin takalman da kake sayarwa. Ka duba cikin takalma sau-ciki, kambas da but da suka fita a watannin baya, nawa ne 44 zuwa sama. Kada ka sa silifas da takalmin fata buɗaɗɗe a lissafin, masu su ba su cika neman safa ba sai sanyin hunturu ya kankama. Wannan kason shi zai gaya maka ko dozin 3 ta yi kaɗan ko ta yi yawa. In shagonka yana samun masu kaki da 'yan hidimar ƙasa, masu yini cikin but, ka ƙara kaɗan kuma ka nemi mai kauri. Ta 47-50 kuwa, kada ka sara sai wani ya yi oda ya ba da kafin alƙalami.

Wadda ta rage maka a shago ba asara ba ce. Ka raba ta da kwalin da ke cewa kowa, ka rubuta "39 zuwa 43" da hannunka a jikin ledar, ka koya wa yaron shagonka ya riƙa tambayar lambar takalmi kafin ya miƙa safa. Mai 44 a ba shi babbar, ko da ƙaramar za ta shige shi. Ka sa ido musamman a kan dattawa masu ciwon suga ko masu kumburin ƙafa, domin safa mai matsewa tana iya ji musu ciwo ba su ji ba. Irin waɗannan, in ba ka da mai sakakken baki, gara ka ce babu.

Su kuma waɗanda suka riga suka dawo maka da kaya, ka karɓi lambar wayarsu, ranar da babbar ta iso ka kira su ka canza musu, su cika ₦500 ɗin da ke tsakani.